Falle bakwai na neman mai kula da sito

Ranar da mai kula da sitonmu ya ce zai koma gida da iyalinsa, mako uku kacal ya ba mu. Kamfanin na yayana ne, a nan Kano, mu goma sha huɗu ne har da direba da maigadi. Muna sayo gyaɗa, gero, citta da barkono daga Dawanau, mu sarrafa su zuwa garin kunu da yaji, mu ɗura a leda da robobi, mu raba wa kantuna. Ni nake riƙe da ofis da shafukanmu na Instagram da Facebook, don haka da aka zo maganar neman wani, Yaya bai ma ɗago kai daga littafin lissafi ba ya ce, "Ki yi mana irin tallan nan da ake ja da yatsa, ki sa yau."

Abin da yake nufi shi ne jerin hotunan da ake sawa lokaci guda, mutum ya riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya, wanda masu zane ke kira karosel. Na saba yin sa don tallan yaji. Na ɗauka na neman ma'aikaci ma haka yake, sai dai a canza kalmomi.

A daren na buɗe Canva na zaɓi wani shiryayyen zane, na yi falle huɗu. Na farko ya ce "Muna ɗaukar ma'aikata" da manyan baƙaƙe. Na biyu ya faɗi sunan aikin. Na uku sharuɗɗa ne: gaskiya, riƙon amana, ƙwazo, iya mu'amala da jama'a, sanin kwamfuta. Na huɗu ya ce a tuntuɓe mu a lambar ofis. Na sa shi bayan sallar isha, na kwanta.

Kafin azahar ɗin gobe wayar ofis ta daina amfani. Kira a kan kira, saƙo a kan saƙo. Wani yana tambaya ko aikin tuƙi ne, wata tana tambaya ko za ta iya yi daga gida, wani daga Jos yana so ya san ko akwai wurin kwana. Masu kantunan da ke kiran wannan lambar don yin odar kaya suka kasa samunmu. Da na zauna na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya sai na gano abin da ya faru. Yawancinsu ba su taɓa ganin tallan a Instagram ba. Wani ne ya ɗauki hoton falle na huɗu kaɗai daga fuskar wayarsa, ya jefa shi guruf-guruf na WhatsApp. Fallen kuwa babu sunan kamfani a kansa, babu sunan aiki, babu gari, babu ranar rufewa. Lamba ce kawai da kalmar "tuntuɓe mu". Kowa ya cike giɓin da abin da ransa ke so.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wata mata da ta kira tana tambayar asusun da za ta tura kuɗin fom. Wanda ya tura mata hoton ya ƙara rubutu a ƙasa cewa akwai kuɗin rajista. Ban san ko wane ne ba, amma na san da sunanmu za a ci kuɗin, mu kuma za a zaga. A ranar na sauke tallan.

Sai na fara daga inda ya kamata tun farko, wato sito. Na ɗauki kujera na zauna kusa da mai barin aikin daga bakwai da rabi na safe har la'asar, da littafi a hannuna. Na ce, "Malam, yau ba aiki na zo sa ka ba, kallo na zo yi. Duk abin da ka taɓa zan rubuta." Ya yi dariya ya ce to, bismillah.

Abin da na rubuta bai yi kama da tallan da na yi ba ko kaɗan. Da safe yana ƙirga katan-katan da aka gama jiya ya gwada da abin da masu ɗuri suka rubuta. Idan mota ta iso daga Dawanau, shi ke tsayawa a kan sikeli, buhu-buhu, yana rubuta nauyi, yana zura hannu ya duba ko gyaɗar ta bushe ko da danshi, domin ɗanyar gyaɗa a sito hunhuna take yi. Yana jera kaya yadda wanda ya fara shigowa zai fara fita. Yana rubuta takardar fitar da kaya kafin direba ya tashi. Ranar Asabar yana shigar da lissafin mako a Excel, kuma abin da yake buƙata a ciki bai wuce tarawa, ragewa da jera kwanan wata ba. Rabin yinin a tsaye yake, cikin ƙurar barkono da ke sa atishawa, da takunkumi a hanci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a tallana na farko. Na rubuta "sanin kwamfuta" alhali abin da ake nufi shi ne shafi ɗaya na Excel. Na rubuta "gaskiya da riƙon amana", wanda babu mai neman aiki a duniya da zai karanta ya ce shi ba shi da su, ya janye.

Wannan ne ya zama ma'aunina: duk sharaɗin da ba zai sa wani ya ce "a'a, wannan ba nawa ba ne" ba, bai cancanci wuri a falle ba. Amana tana da muhimmanci fiye da komai a sito, amma ba a tantance ta da talla. Ana tantance ta da mai tsaya wa mutum da kuma tambayar inda ya taɓa aiki. Don haka na cire kalmar, na sa "mutum biyu da za su tsaya maka, ɗaya daga inda ka taɓa aiki".

A kan takardar makaranta da albashi muka daɗe da Yaya. Shi yana son a rubuta digiri. Na ce, "Yaya, wanda zai tafi ɗin nan difloma gare shi, shekara nawa yana riƙe mana sito ba a taɓa rasa buhu ba?" Ya yi shiru. Na ce mai digiri zai zo don babu wani abu a hannu, ran da ya samu ofis mai sanyi ya tafi, mu dawo nan. Muka tsaya a kan difloma ko NCE, ko takardar sakandare ga wanda ya yi shekara biyu yana aikin sito ko kanti.

Albashi ya fi wuya. Yaya bai son a rubuta shi. Dalilansa biyu ne, kuma ba na banza ba: abokan gasa za su gani, sauran ma'aikata ma za su gani su fara gwada nasu. Ni kuma na nuna masa saƙonnin da suka shigo, kusan kowanne na uku tambayarsa ke nan, "nawa ne?" Tun da aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, kowane mai neman aiki da wannan adadin yake auna duk abin da aka faɗa masa. Dokar ba ta hau kan kamfanin da bai kai ma'aikata 25 ba, irin namu, amma wannan ba ya hana mutane aunawa, kuma ni a ganina bai kamata mu fake da shi ba. Idan ka ɓoye adadin, mutum zai ɗauka ƙasa da haka ne, nagari ya wuce abinsa, ko kuma ya ɗauka ninki biyu ne, ya biya kuɗin mota ya zo intabiyu, ku ɓata wa juna yini. A ƙarshe ya yarda a rubuta daga naira 85,000 zuwa 100,000 gwargwadon gogewa, da abincin rana. Kafin a sa tallan shi da kansa ya tara ma'aikata ya yi musu bayani, don kada su ji a waje.

Da na koma zane, ban buɗe Canva ba tukuna. Na ninka farar takarda gida takwas, na rubuta abin da kowane falle zai ɗauka da biro. Instagram yana karɓar hoto har 20 a jeri ɗaya tun 2024, da can 10 ne, amma bakwai suka ishe ni.

Falle na farko na cire "Muna ɗaukar ma'aikata". Wannan jimla ta cinye duk filin ba ta faɗi komai ba. Na rubuta "Ana neman mai kula da sito", a ƙasa "Kano, mutum ɗaya, aikin cikakken lokaci". Wanda ke wucewa da yatsa daƙiƙa ɗaya ko biyu yake ba ka, kuma a cikinsu ya kamata ya san ko maganar ta shafe shi ko ta shafi ƙaninsa. Na biyu ya faɗi ko mu su wane ne a jimla biyu, da lambar rajistarmu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wadda kowa zai iya bincikawa a shafin hukumar. Na uku shi ne yinin aiki kamar yadda na gani a kujerar nan, har da ƙurar barkono da tsayuwa. Yaya ya so a cire maganar ƙura, wai za ta kori mutane. Na ce ai korar nake so, gara mai asma ya sani tun yana gida. Na huɗu sharuɗɗan dole, guda huɗu. Na biyar abin da zai ƙara wa mutum daraja amma ba dole ba, kamar zama kusa da unguwar da muke da taɓa aiki da sikeli. Raba waɗannan biyun ya yi amfani sosai, domin na lura masu kunya da yawa, musamman mata, idan suka ga abu ɗaya da ba su da shi a cikin dogon jeri sai su fasa gaba ɗaya. Na shida albashi da lokutan aiki, Litinin zuwa Asabar, da hutun sallar Juma'a. Na bakwai yadda ake nema.

Babban canjin ba a cikin waɗannan yake ba. Yana gindin kowane falle. Na yi wani siririn layi mai launi ɗaya da ke maimaituwa a duka bakwai: sunan kamfani, sunan aiki, ranar rufewa da wata da shekara, gajeren adireshin fom, da jimlar "Ba ma karɓar kuɗin fom". A kusurwar sama kuma na sa 1/7, 2/7, har zuwa ƙarshe. Na riga na ga yadda falle ke rabuwa da 'yan'uwansa ya yi tafiya shi kaɗai. Yanzu duk wanda aka yanko, yana ɗauke da shaidarsa, wanda ya same shi ya san akwai sauran shida, ya san ranar da aka rufe. Shekarar ma da gangan na sa ta, domin irin waɗannan hotuna sukan dawo guruf bayan wata goma kamar sababbi.

Girman da na yi amfani da shi 1080 a faɗi, 1350 a tsayi, don ya fi cika fuskar waya a kan mai kusurwa huɗu daidai. Gara duka fallayen su zama girma ɗaya, in ba haka ba za a iya datse sauran su bi na farko. Na bar fili kamar faɗin yatsa a kowane gefe ban sa rubutu ba, saboda a jerin hotunan da ke fuskar shafi ana ɗan yanke gefen hoton, kalmar da ke bakin iyaka sai ta rasa harafi.

Sai matsalar da duk mai zane da Hausa ya sani. Salon rubutun da ya zo da zanen yana da kyau, amma ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Da na rubuta "ƙwarewa" sai ƙ ɗin ta fito siririya, da wani salo dabam, kamar baƙuwa a tsakiyar kalma. A kwamfuta da ƙyar ake lura, a waya kuwa tana tsone ido. Wasu kan kauce wa wannan su rubuta k da d da b kawai, amma a tallan da ke cewa "ba ma karɓar kuɗi" ba na son harafi ɗaya ya zauna ba daidai ba, kuma "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne. Na koma Noto Sans, wanda ke da su duka, manya da ƙanana. Dabarar da nake bi yanzu ita ce kafin in fara komai in rubuta Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ a layi ɗaya, da kauri da siriri, in duba. Idan ɗaya ta bambanta, na bar wannan salon.

Falle na bakwai ya fi kowanne cin lokacina, ko da yake rubutunsa bai kai layi shida ba. A Instagram adireshin da aka rubuta a bayanin ƙasan hoto ba ya dannuwa, balle wanda ke cikin hoton. Ko dai mutum ya je saman shafinmu ya danna wanda ke can, ko ya kwafa da hannu. Shi ya sa na gajarta adireshin ya zama abin da za a iya karantawa a rubuta ba kuskure, na guji haruffan da ke rikita ido kamar sifili da O. Na yi tunanin sa lambar QR, sai na tuna mutum da wayar da zai ɗauki lambar yake kallon tallan. Na bar ta ga kwafin da muka buga a takarda muka liƙa a ƙofar kamfani.

Fom ɗin a Google Forms na yi shi. Da farko na sa wurin ɗora takardar bayanin karatu da aiki, wadda kowa ke kira si-bi. Na tura wa ƙanin direbanmu ya gwada a wayarsa, sai ya maƙale: muddin fom yana da wurin ɗora fayil, sai mutum ya shiga da asusunsa na Google, shi kuwa ya manta kalmar sirrinsa tun ranar da mai shago ya buɗe masa. Na san irinsa suna da yawa, kuma cikinsu akwai wanda zai iya riƙe sito da kyau. Na cire wurin. Na bar tambayoyi takwas gajeru: suna, lambar waya, unguwa, takardar makaranta, inda aka taɓa aiki da tsawon lokaci, yaushe za a iya farawa, ko albashin da aka rubuta ya yi, da wata tambayar lissafi ɗaya. Katan 40 ne a sito da safe, kowanne da roba 24, aka fitar da katan 13, aka dawo da roba 30 daga wani kanti, roba nawa ke sito yanzu? Amsar 678 ce. Wannan tambaya ta gaya mini abin da si-bi mai shafi uku ba zai gaya mini ba. Ban nemi lambar NIN ko BVN ko hoton katin shaida ba, na kuma rubuta a fallen cewa ba ma nema. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma ko babu ita, ban ga dalilin da zai sa in tara bayanan mutane da yawa a wayata alhali mutum ɗaya za mu ɗauka ba.

Ga masu tambaya na sayi sabon layi na sa masa WhatsApp Business, don lambar ofis ta huta. A saman shafinmu na sa adireshi irin wannan, lambar tana farawa da 234, babu alamar tarawa, babu sifilin farko:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=SITO
```

Duk wanda ya danna, saƙonsa yana buɗewa da kalmar SITO a rubuce, ni kuma na shirya amsa guda da ke mayar da shi ga fom.

Kafin in sa, na tura hotunan bakwai zuwa tsohuwar wayar maigadinmu ta WhatsApp, domin ita manhajar tana matse hoto, ƙananan rubutu su dushe. Na ce, "Baba, don Allah karanta mini wannan da ƙarfi." Ya karanta har ya zo layin gindi ya tsaya, ya matso da wayar kusa da ido. Na koma na ƙara girman layin, na canza launinsa daga ruwan toka zuwa baƙi a kan ruwan ƙwai. Sannan na tambaye shi abu uku: wane aiki ne, nawa ake biya, yaya ake nema. Ya amsa duka bai sake duba wayar ba. Wannan dubawa ta zama dole, domin bayan an sa jerin ana iya gyara bayanin da ke ƙasa, amma ba a iya musanya hoton da ke da kuskure da wani. Ranar rufewa na duba ta sau uku da kalanda, in tabbatar ranar mako da kwanan wata sun dace.

Na sa shi ranar Talata da daddare, na ba da kwana goma. Na jera fallayen a sitatus ɗin WhatsApp bi da bi, na roƙi ma'aikatanmu su ma su sa. Da na tambayi waɗanda suka zo intabiyu inda suka gani, yawancinsu daga sitatus da guruf ne, ba daga Instagram ba. Hotunan sun sake rabuwa kamar yadda na zata. Wani ya ce falle na shida kawai ya gani, na albashi, a guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarsu, ya karanta adireshin da ke gindi ya rubuta da hannu.

Mutum 61 suka cike fom. Na fara ware waɗanda suka ci lissafin, suka rage 38. Na cire waɗanda suka ce albashin bai yi musu ba da waɗanda ke nesa da Kano ba su da niyyar tasowa, sannan na bi gogewa. Muka kira shida, biyar suka zo. Kowanne mun kai shi sito ya auna buhu uku ya rubuta, mai barin aikin yana tsaye yana kallo. Wadda muka ɗauka ta yi shekara uku tana riƙe lissafin kaya a wani kantin sayar da kayan masarufi, NCE gare ta. Ta ce da ta ga an rubuta maganar ƙurar barkono ne ta yarda aikin na gaske ne. Ta samu kwana biyar tare da wanda za ta gada kafin ya tafi.

Ranar da wa'adin ya cika, ƙarfe huɗu na yamma, na rufe fom, na gyara bayanin ƙasan tallan na fara shi da "An rufe", na cire adireshin fom daga saman shafi. Sauran sittin na tura musu saƙo cewa an ɗauki wani, mun gode, na kuma tambayi huɗun da suka zo intabiyu ko in ajiye lambobinsu saboda gaba. Uku suka ce in ajiye. Sauran bayanan na goge su bayan wata ɗaya. Layin da na saya har yanzu yana aljihun tebur, kuma bayan wata biyar wani saƙo ya shigo da kalmar SITO. Kafin in amsa sai ga na biyu daga mutumin, yana cewa in yi haƙuri, yanzu ya ga ranar rufewa a gindin hoton.